Lambar shafi ta ƙi fitowa a PowerPoint: inda matsalar take da yadda ake saita ta sau ɗaya

Ana gobe za ta kare aikin bincikenta na kammala digiri, 'yar yayata ta zo da kwamfutarta bayan isha'i, ta ajiye mini a kan tabarma. "Kawu, na danna Apply to All ya fi sau goma, abin nan ya ƙi." Shafukan gabatarwarta 24 ne. Malamin da ke duba aikin ya ce lallai kowane shafi ya ɗauki lamba, saboda idan masu jarrabawa za su yi tambaya, cewa suke a koma shafi kaza. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar daga na 2 zuwa na 9 lamba na nan lafiya ƙalau a kusurwar dama. Daga na 10 zuwa na 15 wayam, ko alamarta babu. Daga na 16 zuwa ƙarshe kuma akwai lamba, amma shafuka huɗu a jere duk 7 suke nunawa, kuma rubutun da ke gindinsu yana ɗauke da sunan wani kwas da ta yi tun bara.

Kurakurai uku ne mabambanta a fayil ɗaya, kuma maɓallin da take ta dannawa ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Sai mutum ya san yadda PowerPoint ke ajiye lambar shafi sannan zai gane dalili.

Mu da muka saba da Word mun ɗauka lamba abu ɗaya ce: ka sa ta sau ɗaya, ta bi takarda har ƙarshe. A PowerPoint lambar tana zaune ne a hawa uku. A sama akwai uwa, wadda manhajar ke kira Slide Master. A ƙarƙashinta akwai 'ya'yanta, wato fasalan shafi, waɗanda ake gani da sunaye irin su Title Slide, Title and Content, Two Content da Blank. Sabon fayil mai Office Theme yana zuwa da guda 11. A can ƙasa kuma sai ainihin shafukan da kake rubutu a kansu, kowanne a jingine da fasali ɗaya. A kowane hawa akwai gurbi uku a gindin shafi: na kwanan wata a hagu, na rubutun ƙasa a tsakiya, na lamba a dama. A uwa da fasali, gurbin lamba ba ya ɗauke da adadi, alamar `‹#›` ce a cikinsa, wadda ke nufin "duk shafin da na sauka a kai, a sa lambarsa".

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ganin `‹#›` a jikin uwa ba ya nufin lamba za ta fito a shafi. Gurbin uwa ba ya bayyana a kan shafi da kansa. Dole shafin ya samu nasa kwafin, kuma daga fasalinsa yake ɗaukowa, fasalin kuma daga uwa ya ɗauko. Aikin Apply to All ke nan, ba wani ba: ya bi kowane shafi, ya leƙa fasalin da shafin ke jingine da shi, idan ya ga gurbin lamba ya kwafo shi ya dasa. Idan bai gani ba, wucewa yake yi abinsa. Ba ya gargaɗi, ba ya cewa ga shafuka shida da na kasa. Wannan shirun ne a ganina babban laifin manhajar, domin shi ke sa mutum ya yi ta danna maɓalli ɗaya yana zaton hannunsa ne ya kuskure.

Kamar injin buga bulo ne. Idan ka sauya bakin injin yau, bulon da aka riga aka buga jiya ba zai sauya ba, sai wanda za a buga nan gaba. Kwatancen bai cika ɗari bisa ɗari ba, don akwai abubuwan da ke sauka daga uwa zuwa shafi nan take, wato launi, girman rubutu da wurin zaman gurbi, muddin ba a taɓa su da hannu a kan shafin ba. Amma samuwar gurbin kanta, da kalmomin da ke cikinsa, ba sa sauka sai an sake bugawa. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama da rabin wahalar.

Hanyar da aka saba, idan fayil lafiyarsa ƙalau, gajeriya ce. Ka shiga Insert, ka danna Header & Footer, ka tsaya a ɓangaren Slide. Ka sa alama a Slide number, ka sa a Footer ka rubuta abin da kake so ya fito, sannan Apply to All. Maɓallin Apply da ke kusa da shi shafin da ka zaɓa kawai yake taɓawa, kuma da yawa daga masu kukan "lamba ta fito a shafi ɗaya tak" shi suka danna. Kada kuma ka nemi rubutun sama a nan, duk da sunan akwatin. Shafin gabatarwa ba shi da shi. Yana can ɓangaren Notes and Handouts, na takardun da ake bugawa a raba wa mahalarta, kuma lambar da ke can ta takardar ce, ba ta shafin da ke allo ba.

To, mu koma kan fayil ɗin 'yar yayata. Na fara da shafi na 10 zuwa 15, waɗanda babu komai a gindinsu. Na tambaye ta daga ina suka fito. Ta ce wata ƙawarta ce ta tsara mata jadawalan sakamakon binciken a tata kwamfutar, ita kuma ta kwafo ta manna, ta zaɓi Keep Source Formatting don kada launukan su lalace. Nan zargina ya tsaya. Wannan zaɓi ba shafi kaɗai yake kawowa ba, har da uwarsa yake tahowa. Muka shiga View, muka danna Slide Master, muka gangara a layin hagu. Ga uwa ta farko da 'ya'yanta a jere, can ƙasa kuma ga wata babba ta biyu da nata 'ya'yan. Idan ka ɗora kibiyar linzami a kan kowane fasali ka ɗan dakata, wani ɗan rubutu zai fito ya gaya maka sunansa da shafukan da ke amfani da shi. Muka ɗora a kan ɗaya daga cikin 'ya'yan uwa ta biyu, ya nuna shafi na 10 zuwa 15. Gindinsa fayau, babu gurbi ko ɗaya. Wanda ya tsara wannan fasali tun asali ya goge su, wataƙila don ya samu fili.

Hanya biyu ce a nan. Ta farko, a mayar wa baƙuwar uwar da gurabenta. Sai ka danna ita uwar, babban hoton da ke saman 'ya'yanta, ka danna Master Layout. Akwati zai buɗe da zaɓi biyar: Title, Text, Date, Slide number, Footer. Duk wanda babu alama a kansa, an goge shi ke nan, sai ka sa. Daga nan ka sauko kan fasalan ɗaya bayan ɗaya, a kowanne ka duba ɗan akwatin Footers da ke saman allo. Idan babu alama ka sa. Idan akwai alama amma gurbin lamba bai bayyana ba, ka cire ka sake sawa, za su dawo duka ukun. Jerin yana da muhimmanci: uwa tukuna, sannan 'ya'ya, don fasali ba zai iya ɗauko abin da uwarsa ba ta da shi ba. Mutane da yawa suna gyara uwa su rufe, su koma su danna Apply to All, su ga babu canji, saboda sun tsallake hawan tsakiya.

Hanya ta biyu ita na fi so, kuma ita muka bi: a raba fayil da uwa ta biyu gaba ɗaya. Muka danna Close Master View, muka zaɓi shafi na 10, muka riƙe Shift muka danna na 15, sannan Home, Layout, muka zaɓi Title Only daga rukunin uwa ta farko. Launin jadawali biyu ya ɗan sauya, ta ɓata rai, muka gyara cikin minti biyar. Muka koma Slide Master muka goge baƙuwar, tunda babu sauran shafin da ke jingine da ita. Dalilina shi ne, fayil mai uwa biyu duk gyaran da za ka yi sai ka yi shi sau biyu, kuma wata rana za ka manta ɗaya. Na taɓa buɗe gabatarwar wani ofis na ƙirga uwa bakwai a ciki, kowace da nata wurin zaman lamba, lambar tana ta tsalle daga dama zuwa hagu idan ana wuce shafi.

Sai shafukan da ke maimaita 7. Waɗannan ba su da alaƙa da uwa. Akwai gwaji mai sauƙi da nake yi wa duk lambar da nake shakka: in ja shafin a layin hagu in kai shi wani wuri. Lambar gaskiya za ta sauya nan take ta bi sabon matsayinta. Wadda aka rubuta da hannu za ta tsaya ƙyam. Muka ja na 17 muka kai shi sama, yana nan a 7 ɗinsa. Ashe bara, da lamba ta ƙi fito mata a wancan kwas ɗin, sai ta buɗe akwatin rubutu ta buga 7 da hannu a shafi na bakwai. Bana ta ɗauko shafin don tana son tsarinsa, ta yi ta Duplicate Slide tana sauya abin da ke ciki, 7 na biye da ita. Rubutun ƙasa mai sunan tsohon kwas shi ma haka aka yi shi, akwatin rubutu ne kawai da aka ajiye a inda gurbi ya kamata ya zauna. A ido ba ka bambance su. Manhajar kuwa ba ta san su a matsayin lamba ko rubutun ƙasa ba, shi ya sa Header & Footer ba ya iya taɓa su.

Don ka tabbatar, ka buɗe Selection Pane, ko dai ta Home, Arrange, ko ka danna Alt da F10 tare. Zai jero maka duk abin da ke kan shafin da sunansa. Gurbin gaskiya sunansa yakan fara da Slide Number Placeholder ko Footer Placeholder ko Date Placeholder. Na jabu za ka gan shi a matsayin TextBox da wata lamba. Waɗannan babu dabara, da hannu ake goge su, shafi bayan shafi. Tara muka bi. Akwai wani nau'in da ya fi wannan ɓoyuwa: gurbin na gaskiya ne, amma wani ya shiga ciki ya goge lambar mai motsi ya buga adadi da hannu. Sunansa a Selection Pane daidai, amma gwajin ja zai tona shi.

Wannan jerin na Selection Pane yana kama wani ɓarawon kuma. Wani lokaci lambar na nan, ganinta ne ba a yi. Ko dai hoto ya cika shafi ya rufe ta, sai ka danna hoton da maɓallin dama ka zaɓi Send to Back. Ko kuma launinta ya saje da na bango. Lambar Office Theme da toka-toka take zuwa, girman 12, wanda a allon kwamfuta ana gani, amma a majigin da ya tsufa, a ɗakin da rana ke shigowa ta taga, ɓacewa take yi. Ni nakan mayar da ita baƙa in ɗaga ta zuwa 14 ko 16, kuma a jikin uwa nake yi, ba a shafi ba. Malamin da ke zaune a ƙarshen tebur shi ake yi wa lambar.

Bayan an share waɗannan duka ne ake zuwa ga sake bugawa, kuma matakin da aka fi mantawa ke nan. Ka buɗe Header & Footer, ka cire alamar Slide number da Footer da Date and time, ka danna Apply to All. Wannan zai kwashe tsofaffin guraben daga kan shafuka, har da waɗanda aka ja gefe ko aka lalata cikinsu. Sai ka sake buɗewa, ka mayar da alamun, ka rubuta rubutun ƙasa, ka sake Apply to All. Yanzu kowane shafi ya ɗauko sabo daga fasalinsa. Ka sani dai, idan da akwai shafukan da ka ba su rubutun ƙasa na musamman, misali inda ka ambaci tushen wani jadawali, wannan shara za ta tafi da shi, don haka ka kwafe shi gefe tukuna. Maɓallin Reset da ke Home shi ma yana da amfani, amma aikinsa mayar da gurbi wurin zamansa da kamanninsa ne, kuma yana taɓa take da jikin rubutu ma, ba gindin shafi kaɗai ba.

Da muka yi haka, lamba ta fito daga farko har ƙarshe. Sai ta ce, "Kawu, shafin farko fa bai kamata ya ɗauki lamba ba, kuma ina so gabatarwa ta fara daga 1." Buƙatu biyu ne, kuma a wurare biyu ake biyansu. Na farko yana cikin akwatin nan dai: Don't show on title slide. Sai dai kalmar tana yaudara. Ba shafin farko take nufi ba, duk shafin da ke kan fasalin Title Slide take nufi. Idan shafinka na farko a kan Title and Content ka gina shi, lamba za ta fito a kansa duk da alamar. Idan kuma ka yi amfani da Title Slide wajen raba babi-babi a tsakiyar gabatarwa, duk waɗannan za su rasa lamba, ka zauna kana mamakin abin da ya cinye ta. Don raba babi akwai Section Header, shi ya kamata a ɗauka.

Na biyu kuma yana wani lungu da ba wanda zai yi tsammani: Design, Slide Size, Custom Slide Size, sannan Number slides from. Ka sa 0. Shafin take ya zama 0, ba a kuma nuna shi, na biye da shi ya zama 1. A fayil ɗinta mai shafi 24, na ƙarshe ya koma 23. Ƙasa da sifili ba ya karɓa, don haka wanda ke da shafi biyu na share fage kafin ya fara ƙirga ba zai samu biyan buƙata ta nan ba. Haka kuma ƙirgar ɗaya ce tal daga farkon fayil zuwa ƙarshensa. Raba shafuka zuwa sassa da Section ba ya sa lamba ta sake farawa, saɓanin abin da Word ke yi.

Muna gwada nunawa a cikakken allo sai lamba ta tsallaka daga 17 zuwa 19. Ta zaro ido. Wannan ba lalacewa ba ce. Tana da shafi ɗaya da ta ɓoye da Hide Slide, na ƙarin bayani idan an tambaya, kuma ɓoyayyen shafi yana riƙe da lambarsa ko da ba a nuna shi ba. Magani shi ne a kwashe ɓoyayyun a kai su can bayan shafin godiya. Muka ja shi zuwa ƙarshe, jerin ya miƙe daga 1 zuwa 22, ɓoyayyen ya zama 23.

Ta so kuma a rubuta "5 cikin 22" maimakon 5 kawai. Nan PowerPoint ya gaza: ba shi da alama mai ƙirga jimillar shafuka da kanta, kodayake LibreOffice Impress yana da ita. Abin da ake yi shi ne a shiga uwa da fasalan da ake amfani da su, a buga "cikin 22" da hannu a bayan `‹#›`, a faɗaɗa gurbin don kada rubutun ya karye gida biyu, sannan a sake bugawa kamar yadda na bayyana, tunda kalmomi ba sa sauka da kansu. Ranar da ka ƙara shafi ɗaya, 22 ɗin ta zama ƙarya sai ka koma ka gyara. Na ba ta shawarar ta haƙura, don na san ɗalibi ba ya daina ƙara shafi sai an kira sunansa. Ta haƙura.

Kwanan wata ma na cire mata shi daga Update automatically na mayar Fixed. Na farkon yana sauyawa duk ranar da aka buɗe fayil, wanda ke nufin idan sashen karatunta ya buɗe kwafinta bayan wata uku, zai ga ranar da ya buɗe ne, ba ranar da ta kare aikin ba. Ga lacca da ake maimaitawa kowane zango yana da amfani. Ga abin da ya faru sau ɗaya, a buga ranar da hannu.

Akwai wata dabara da wasu masu tsara gabatarwar ofisoshi ke yi don su huta da wannan duka. Maimakon gurbi, sai su buɗe akwatin rubutu na yau da kullum a jikin uwa, su sa kibiya a ciki, su danna Insert, Slide Number. Tunda wannan ba gurbi ba ne, kamar tambarin da aka manna a bango yake, yana bayyana a kowane shafi kai tsaye da lambar da ta dace, ba ya jiran Apply to All, kuma ba wanda zai iya goge shi ko ya ja shi daga kan shafi. Inda mutum goma ke taɓa fayil ɗaya, wannan yana rage ɓarna sosai. Kuɗinsa shi ne Don't show on title slide ba ta da iko a kansa. Don ɓoye shi a shafin take sai an sa Hide Background Graphics a wannan fasalin, wanda zai tafi da tambari da duk wani adon da ke jikin uwa. Idan kuma wani ya zo daga baya ya kunna Slide number ta hanyar da aka saba, lamba biyu za su hau kan juna. Ga fayil ɗin mutum ɗaya, ban ga dalilin ɗaukar wannan ba.

Kafin ta rufe kwamfutar, na sa ta ajiye kwafi na biyu ta Save As, ta zaɓi PowerPoint Template, wanda ke ƙarewa da .potx, bayan mun goge shafukan ciki mun bar uwa ɗaya da fasalanta a gyare, don gabatarwar gaba ta fara daga nan. Na kuma gaya mata duk shafin da za ta ɗauko daga wurin wani ta manna shi da Use Destination Theme, ta kuma duba gindinsa nan take. Ta fitar da kwafin PDF ta sa a filashi saboda ba ta san kwamfutar da za ta tarar a zauren ba. Sha ɗaya ta wuce lokacin da ta tashi, tana cewa akwai jadawali ɗaya da take tunanin ƙarawa tsakanin na 12 da na 13.